Daga Madubin Likita Zuwa Takarda: Yadda Ake Tsara Rahoton Gwajin Bayan Gida

Duk wanda ya taɓa kai 'yar kwalbar bayan gida ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya san takardar da ake miƙo masa daga baya. Layi biyu ne ko uku, kuma sau da yawa abin da ke ciki bai wuce cewa ba a ga ƙwai ko wata ƙwayar cuta ba. Wannan gajeriyar takarda ta likita ce. Akwai kuma wata doguwa wadda ɗaliban kimiyyar gwaje-gwaje suke rubutawa bayan darasin aiki, masu bincike kuma suke rubutawa bayan sun duba yaran wata makaranta ko mutanen wani ƙauye. Ita ce ake kira rahoton gwaji, kuma ƙashin bayanta sassa uku ne: hanyoyin aiki, jadawalin sakamako, da sharhi.

Abin da ya haɗa sassan uku ƙa'ida ɗaya ce. Mai gwaji ba ya ganin cikin mutum, ɗan abin da ya ɗora a kan gilashi kawai yake gani. Saboda haka kowace lamba da ke cikin jadawali dole ne mai karatu ya iya bin sawunta zuwa wani mataki da aka bayyana a hanyoyin aiki, kowace magana ta sharhi kuma dole ta tsaya inda jadawali ya tsaya. Domin a ga yadda hakan yake a aikace, bari mu ɗauki misali na koyarwa: a ce an ba wani ɗalibi samfur shida, aka umarce shi ya gwada su ta hanyoyi uku ya rubuto rahoto.

Kafin sassan uku akwai kanu da gabatarwa, kuma ba sa buƙatar tsawo. Kanu ya faɗi abin da aka gwada, da hanyar, da yawan samfur. Gabatarwa ta kawo tambayar da aikin zai amsa, kamar a ce: wace hanya ce cikin ukun ta fi gano ƙwayoyin cutar hanji a waɗannan samfura? Ɗalibin da ya cika shafi uku da tarihin rayuwar macijin ciki bai ƙara wa rahotonsa komai ba.

Hanyoyin aiki: a rubuta yadda wani zai iya maimaitawa

Abu na farko da ake rubutawa a wannan sashe shi ne lokaci: yaushe aka yi bayan gidan, yaushe ya iso ɗakin gwaji, yaushe aka duba shi. Dalili kuwa shi ne wasu halittun, irin su amiba da jiyadiya, suna fitowa cikin zawo da ransu suna motsi, kuma motsin nan ne babbar alamar da ake gane su da ita. Da zarar samfur ya huce sai su mutu su lalace. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a duba mai ruwa-ruwa cikin minti 30, mai laushi cikin awa ɗaya, mai tauri kuwa yana iya jira har awa 24. Idan zawo ya yini a kan tebur kafin a duba shi, rashin ganin amiba mai motsi a cikinsa ba ya nuna komai, kuma mai karatu ba zai san haka ba sai an rubuta masa lokacin. A nan ne kuma ake faɗin ko mai samfurin ya sha maganin tsutsa kwanan nan, da cewa lamba aka sa wa kowace kwalba maimakon sunan mai ita.

Sai dubawa da ido: tauri ko laushi, launi, ko akwai jini ko majina, ko an ga tsutsa ko gutsuren tsila. Bayan haka a zo kan hanyoyin uku.

Ta farko ita ce gwajin kai-tsaye. Ana ɗiga ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 0.85 cikin ɗari a gefe ɗaya na gilashi, a ɗiga aidin na Lugol a ɗaya gefen, a lakato bayan gida da kan tsinke, kimanin miligiram 2, a dama a cikin kowane ɗigo, a rufe da siririn gilashi. Ana fara dubawa da tabarau mai lamba 10 a bi duk faɗin murfin, sannan a koma mai lamba 40 domin tantancewa. Ruwan gishiri yana barin halittu su yi motsi. Aidin yana kashe su, amma yana fito da abin da ke cikin ƙwanso, wato ɓawon da amiba ko jiyadiya take naɗe kanta a ciki kafin ta bar jiki. Miligiram 2 ɗin nan sai an rubuta shi, domin sharhi zai dawo kansa.

Ta biyu ita ce tacewa da fomalin. Ana dama kimanin giram ɗaya a cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a tace da ƙyallen gos, a zuba kimanin mililita 3 na wani sinadari mai narkar da maiƙo da ake kira etil asitet, a girgiza, a saka a injin juyi. Abin yakan rabu hawa huɗu: sinadarin a sama, dusar datti a ƙarƙashinsa, sai fomalin, sai laka a gindin kwalba. Cikin lakar ne ƙwai da ƙwanso suke taruwa. Ɗakunan gwaji sun bambanta wajen saurin juyi da tsawon lokacinsa, don haka kalmar "an juya" ba ta isa ba. Sai ɗalibi ya rubuta ainihin saurin da ya sa injin da yawan mintocin, domin juyin da bai kai ba yakan bar ƙananan ƙwanso suna yawo a sama, a zubar da su tare da ruwan.

Ta uku ita ce Kato-Katz, wadda ita ce ke ba da ƙidaya. Asalinta daga Japan ne, inda Kato da Miura suka bayyana ta a 1954, sannan Naftale Katz da abokan aikinsa a Brazil suka gyara ta a 1972 ta hanyar ƙara mata ma'auni. Ana matse bayan gida ta cikin 'yar raga, a cika ramin wani ɗan faranti na roba da aka ɗora a kan gilashi. Ramin da aka fi amfani da shi yana ɗaukar miligiram 41.7. A cire farantin, a rufe da salofen da aka jiƙa a gilisarin mai koren rini, a danna ya bazu. Gilisarin yana washe dattin har a ga ƙwai, sai a ƙirga su duka. Da yake 41.7 sau 24 yana ba da kusan miligiram 1,000, wato giram ɗaya, lissafin yana da sauƙi:

```
EPG = n × 24
```

A nan n shi ne yawan ƙwan da aka ƙirga a gilashi, EPG kuma yawan ƙwai a giram ɗaya na bayan gida. Akwai faranti masu wani girman daban, kowanne da lambar da ake ninkawa da ita, shi ya sa girman ramin yake cikin abubuwan da ba a tsallakewa.

Wani lokacin da dole a rubuta shi ne tazarar da ke tsakanin haɗa gilashin Kato-Katz da karanta shi. Ƙwan tsutsa mai ƙugiya, wadda take shiga ta fatar ƙafa ta riƙa shan jini a hanji, ɓawonsa siriri ne ƙwarai. Gilisarin da ke washe datti shi ma yana washe shi, har ya ɓace wa ido idan aka wuce minti 30 zuwa 60. Ƙwan macijin ciki da na tsargiyar hanji kuwa suna daɗewa. Wanda ya haɗa gilashi da safe ya karanta bayan la'asar zai iya rubuta sifiri a gurbin tsutsa mai ƙugiya alhali tana nan.

Jadawali: abin da aka gani kawai

Sashen sakamako ba wurin bayyana dalili ba ne. Jadawali ne mai lamba da kanu, sai jimloli kaɗan da ke nuna wa mai karatu inda zai sa ido. Ga na ɗalibinmu, wanda ya haɗa gilashi biyu na Kato-Katz daga kowane samfur ya karanta su bayan minti 45:

Jadawali na 1: Sakamakon gwajin samfur shida ta hanyoyi uku

| Lamba | Kamanni | Kai-tsaye | Tacewa da fomalin | Ƙidayar Kato-Katz | Ƙwai a giram |
|---|---|---|---|---|---|
| 01 | mai tauri | ƙwan macijin ciki | ƙwan macijin ciki | 230 da 250 | 5,760 |
| 02 | mai laushi | ba a gani ba | ƙwan tsutsa mai ƙugiya | 6 da 10 | 192 |
| 03 | zawo da majina | jiyadiya mai motsi | ƙwanson jiyadiya | ba a yi ba | ba a yi ba |
| 04 | mai tauri | ba a gani ba | ba a gani ba | 0 da 0 | 0 |
| 05 | mai laushi, da ɗan jini | ba a gani ba | ƙwan tsargiyar hanji | 3 da 7 | 120 |
| 06 | mai laushi | ƙwanson amiba | ƙwanson amiba | 0 da 0 | 0 |

A lura da abubuwa uku. Na farko, an nuna ƙidayar kowane gilashi kafin a kawo lissafin ƙarshe. A samfur na 01, matsakaicin 230 da 250 shi ne 240, sau 24 ya ba da 5,760. Mai karatu zai iya sake lissafin da kansa, zai kuma ga ko gilashin biyu sun yi kusa da juna. Da an samu 230 da 20, da sai a yi zargin cewa ba a cika ramin daidai ba, ko kuma ƙwan bai bazu a cikin samfurin bai-ɗaya ba.

Na biyu, babu gurbin da aka bari fayau. "Ba a gani ba" daban, "ba a yi ba" daban. Samfur na 03 ya yi ruwa da yawa, ba zai tsaya a ramin faranti ba, don haka ba a yi masa Kato-Katz ba. Idan aka rubuta sifiri a wurin, an yi ƙarya. Idan aka bar shi ba komai, mai karatu zai yi ta hasashe. Wannan kuma yana shafar lissafi: duk abin da za a faɗa game da Kato-Katz a kan samfur biyar ne, ba shida ba.

Na uku, a rubuta matakin halittar da aka gani, ƙwai ne ko ƙwanso ko mai motsi, sannan a tsaya a iyakar abin da madubi zai iya rarrabewa. A rahoto na ainihi da sunayen kimiyya ake cika jadawali, kuma a nan ne ɗalibai suka fi zarce gona da iri. Ƙwan tsutsa mai ƙugiya na jinsuna biyun da suka fi kama mutum kamarsu ɗaya a madubi, don haka ba a zaɓar ɗaya a rubuta. Haka ƙwan tsilar da ake samu daga naman shanu da na wadda ake samu daga naman alade.

Ƙarƙashin jadawali sai a sa ma'aunin da za a fassara lambobin da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba tsananin kamuwa gida uku ga kowace tsutsa. Ga macijin ciki, ƙasa da ƙwai 5,000 a giram kamuwa ce mai sauƙi, daga 5,000 zuwa 49,999 matsakaiciya, daga 50,000 zuwa sama mai tsanani. Ga tsutsa mai ƙugiya, mai sauƙi ita ce ƙasa da 2,000, mai tsanani kuma daga 4,000. Ga tsargiyar hanji, 1 zuwa 99 mai sauƙi, 100 zuwa 399 matsakaiciya, 400 zuwa sama mai tsanani. Ke nan samfur na 01 da na 05 duk matsakaita ne, ko da yake ɗaya yana da 5,760 ɗayan 120. Bambancin ya fito ne daga yadda tsutsotsin suke haihuwa: macen macijin ciki ɗaya takan zubar da ƙwai kusan 200,000 a rana, ta tsargiyar hanji kuwa 'yan ɗaruruwa, kuma da yawa daga cikinsu a jikin hanji da hanta suke maƙalewa ba sa fitowa.

Sharhi: me lambobin suke nufi, ina kuma suka tsaya

Sharhi mai kyau yana farawa da amsar tambayar da aka yi a gabatarwa. Gwajin kai-tsaye ya gano wani abu a samfur uku cikin shida, tacewa da fomalin ta gano a biyar. Sai tambaya ta gaba: me ya sa hanya ta farko ta rasa na 02 da na 05?

Ɗalibi da yawa a nan sukan ce "kuskuren mai gwaji" su wuce. Amma amsar tana cikin lambobinsu. Samfur na 02 yana da ƙwai 192 a giram. Gwajin kai-tsaye yana duba miligiram 2, wato ɗaya bisa 500 na giram. A raba 192 gida 500, ba a samu ko rabin ƙwai ba. Sai an haɗa gilashi kusan uku kafin a sa ran ƙwai ɗaya ya faɗo. A samfur na 05 abin ya fi haka, kusan ƙwai ɗaya a gilashi huɗu. Kamar mai sayen gero ne da ya ɗebi tafi guda daga buhu don ya duba tsakuwa: in tsakuwar kaɗan ce, tafin hannunsa zai fito tsaf alhali tana cikin buhun. Samfur na 01 kuwa yana da kusan ƙwai 12 a kowane ɗigo, shi ya sa duk hanyoyin suka gan shi. Sharhin da ya kawo wannan lissafi ya haɗa hanyoyin aiki da jadawali a wuri ɗaya, kuma wannan ne ainihin aikinsa.

Sai dai kada a yanke hukuncin cewa gwajin kai-tsaye ba shi da amfani. Shi kaɗai ne ya nuna jiyadiya tana motsi a samfur na 03, domin fomalin yana kashe duk abin da ke motsi. Haka kuma sifirin Kato-Katz a samfur na 06 bai ci karo da ƙwanson amiba da sauran hanyoyin suka gani ba, tun da an ƙirƙiro hanyar ne don ƙwan tsutsa, ba ta nuna ƙwanso yadda za a dogara da ita.

Samfur na 06 yana buƙatar sakin layi nasa. An ga ƙwanso zagayayye mai cibiya huɗu a ciki, wanda ya bambanta shi da na wata amibar hanji marar cutarwa da takan fi girma ta kuma kai cibiya takwas. Amma mai cibiya huɗun ma iri biyu ne da madubi ba ya rarrabe su: ɗaya ita ce mai haddasa atuni da ƙurjin hanta, ɗayar zaune take a hanji ba ta cutarwa. Wani masani Bafaranshe, Émile Brumpt, ya faɗi haka tun 1925, amma sai a 1993 aka tabbatar da rabuwar a ilimance. Tun 1997 shawarar masana ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a rubuta sunayen biyu tare, wato E. histolytica/E. dispar. Wanda ya rubuta na farkon kaɗai ya faɗi abin da bai gani ba, kuma yana iya jawo a ɗora wa mai lafiya magani.

Samfur na 04 shi ne ya fi jan mutum ga kuskure, don layinsa duk babu komai. Abin da za a iya cewa shi ne ba a ga ƙwai ko ƙwanso ba a samfur ɗaya ta waɗannan hanyoyi uku. Ba za a ce mai shi ba ya ɗauke da komai ba, kuma sharhi ya kawo dalilan. Jiyadiya ba kullum take zubar da ƙwanso ba, shi ya sa ake son samfur uku a ranaku daban-daban. Macijin ciki yakan yi wata biyu zuwa uku a jiki kafin ya fara ƙwai, kuma idan maza kaɗai ne a cikin hanjin ba za a taɓa ganin ƙwai ba. 'Yar ƙaramar farar tsutsar nan da ke sa yara ƙaiƙayin dubura da dare a bakin dubura take ajiye ƙwanta, da salatif ake ɗauko shi da sassafe. Tsargiyar da aka fi sani a ƙasar Hausa, mai sa fitsarin jini ga yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa, a fitsari ake nemanta. Ko Kato-Katz ɗin ma tana da iyaka: da gilashi biyu, mafi ƙarancin abin da za ta iya nunawa shi ne ƙwai 12 a giram.

Akwai kuma abubuwa biyu da sharhi zai kame bakinsa a kansu. Ɗaya shi ne ɗan jinin da aka gani a samfur na 05. Tsargiyar hanji tana iya jawo shi, amma basur ko ƙwayar bakteriya ma suna iyawa, kuma ba a gwada su ba. Ɗayan shi ne kaso. Biyar cikin shida ya kama kashi 83 cikin ɗari, lamba mai ɗaukar hankali, amma samfur shida da malami ya zaɓo don darasi ba sa wakiltar kowace unguwa. Kaso yana da nauyi ne a binciken da aka tsara don haka, domin da shi ake yanke shawara: inda tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa suka kai kashi 20 cikin ɗari a tsakanin yara, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a raba musu magani sau ɗaya a shekara, inda suka haura kashi 50 kuma sau biyu. A irin wannan bincike akan sa wani ƙwararre ya sake karanta kashi 10 cikin ɗari na gilasan, kuma rahoto yakan faɗi yadda karatun biyu suka yi daidai ko suka saɓa.

Kammalawar rahoton ba ta wuce jimla huɗu ko biyar, kuma ba a shigo da sabon abu a cikinta. Ta ɗalibinmu za ta ce tacewa da fomalin ta gano ƙwayoyin cuta a samfur biyar cikin shida, gwajin kai-tsaye a uku, kuma biyun da ya rasa su ne masu ƙarancin ƙwai. Za ta ce samfur na 01 da na 05 suna matakin matsakaici, na 02 yana mataki mai sauƙi. Sannan ta nemi a karɓo ƙarin samfur biyu daga mai lamba 04 a ranaku daban, a kuma tura na 06 inda ake da gwajin da ke rarrabe amibobin biyu. Sunan magani da yawan ƙwayoyin da za a sha ba sa cikin wannan takarda, aikin likitan da ya ga marar lafiyar ne. Ƙarƙashin haka sai sunan wanda ya yi gwajin, da na wanda ya duba aikinsa, da kwanan wata.